Babi na Shida: Shaidar Malam

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'a ya san irin wannan saƙon. Yakan shigo waya bayan sallar isha'i, daga lambar da ba a ajiye ba: "Assalamu alaikum Malam, ni ne ɗalibinka. Na sa sunanka a wani aiki da nake nema a Ingila, za su turo maka imel. Don Allah a taimaka, jibi za a rufe." Babu cikakken suna, babu shekarar gamawa, babu bayanin aikin. Malam ya koyar da ɗaruruwan ɗalibai tun bayan tafiyar wannan. Zai amsa da "To, Allah ya ba da sa'a," domin ba ya son ya ba da kunya. In ya samu sarari zai rubuta layi shida da za su dace da kowane ɗan Adam, in bai samu ba imel ɗin ya kwana a akwatinsa har wa'adi ya wuce. Ɗalibin kuma ba zai taɓa sanin inda aikin ya kuɓuce masa ba.

Na sha karɓar irin wannan saƙo, kuma yana damuna, domin sau da yawa mai aiko shi yaron kirki ne da ya cancanci aikin. Abin da ya kayar da shi rashin sanin abin da ake nema ne a wurin malamin.

A gida mun saba da takardar da ake miƙa wa mutum a hannu. Kana zuwa ofishin shugaban sashe, a buga maka takarda mai tambarin jami'a da ke farawa da `To whom it may concern`, a ce kai ɗalibinmu ne daga shekara kaza zuwa kaza, mai halin kirki, a sa hannu a buga hatimi. Sai ka yi mata hoto goma ka sa a jaka. Wannan takarda tana da amfaninta, amma ba ita ce abin da mai ɗaukar aiki a Birtaniya ko Kanada ko Amurka yake nufi ba idan ya ce ka ba da sunayen mutum biyu ko uku a gurbin `referees`. Shi zai tuntuɓi mutanen da kansa, ba ta hannunka ba, kuma amsarsu za ta tafi wurinsa kai tsaye. Yawanci ba za ka ga abin da aka rubuta ba. Abin da ya sa yake yarda da takardar ke nan: an rubuta ta a bayan idonka, kuma mai rubutun ya sa sunansa da mutuncinsa a kai. A Birtaniya har doka ta shigo ciki. Tun hukuncin da Majalisar Dattawan ƙasar ta yanke, a matsayinta na kotun ƙoli a lokacin, a shari'ar Spring da kamfanin Guardian Assurance a 1994, an tabbatar cewa mai ba da shaida kan tsohon ma'aikacinsa wajibi ne ya yi hattara, kada ya rubuta abin da bai tantance ba. Mutanen da suka tashi cikin wannan tsari suna karanta takardar malaminka kamar yadda alƙali ke sauraron shaida, suna tambayar kansu: shin wannan ya gani da idonsa, ko ji ya yi?

Daga nan ne komai ya taso, har da wanda ya kamata ka roƙa.

Zuciyar ɗalibi takan karkata ga babban suna. Yana son furofesa, in da hali ma tsohon shugaban jami'a ko shugaban tsangaya, domin a gida girman mai sa hannu yana buɗe ƙofa. Amma furofesan da ya koyar da ku a aji mai mutum ɗari uku ba shi da abin faɗi a kanka sai makin da ka ci, kuma makin yana nan a takardar sakamakonka, ba a buƙatar kowa ya maimaita shi. Ƙaramin malamin da ya duba kundin bincikenka, wanda ya ja maka jan biro a babi na uku har sau huɗu, ya ga yadda kake karɓar gyara, ya san ranar da aikin ya lalace da abin da ka yi washegari, shi ne mai shaida. Gani ya kori ji. Idan za ka ba da mutum biyu, tsarin da aka fi nema shi ne ɗaya ya zama shugabanka a wurin aikin da kake yanzu ko wanda ka bari kwanan nan, ɗayan kuma malamin da ya san aikinka na ilimi. Ɗan'uwa ba ya shiga, ko da kawunka shehin malami ne, haka ma aboki da suruki.

Wasu ma'aikatun suna da ƙa'idar da ta fi haka tsauri. Hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, tana son shaidun da za su rufe shekara uku a jere na aiki ko karatu kafin ranar nema. A wurinsu abin da ya fi muhimmanci shi ne kwanan wata da matsayin da ka riƙe, ba yabo ba. Wanda ya gama karatu shekara takwas da suka wuce, malaminsa na jami'a ba zai cike wannan gurbi ba, sai shugabanninsa na asibiti. Saboda haka kafin ka je wurin kowa, karanta abin da tallar aikin ta ce game da shaidu, kalma da kalma.

Yadda ake zuwa wurin Malam

Mu ƙaddara wata baiwar Allah, ta yi digiri na biyu a fannin nazarin ƙananan halittu a wata jami'a a Arewa, yanzu tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Ta ga tallar gurbin mai taimaka wa masu bincike a wata jami'a a Ingila, a rukunin da ke nazarin yadda ƙwayoyin cuta ke bijire wa magani. Saura mako biyar a rufe karɓar takardu. Shekara uku rabonta da malamin da ya duba kundinta.

Waɗannan shekaru uku su ne abin da ya fi tsaya mata a rai. Tana jin kunyar a ce ba ta neme shi ba sai da buƙata ta taso. Kunyar tana da tushe, zumunta a ƙafa take, kuma da ta riƙa gaishe shi ko da sallah-sallah ne da roƙon ya zo da sauƙi. Amma ina so in faɗa wa duk mai irin wannan tunani abin da malamai suka sani: rubuta shaida ga tsohon ɗalibi yana cikin aikin koyarwa, kuma malamin kirki yana jin daɗin ganin ɗalibinsa ya ɗaga. Abin da ke ɓata masa rai shi ne a sa sunansa ba a tambaye shi ba, ko a zo masa a ƙurarren lokaci.

Sai ta fara da kiran waya, ko ta je ofis in gari ɗaya suke. A wurinmu imel kaɗai daga wanda aka daɗe ba a gani ba yana da sanyi, kuma yana iya ɓacewa cikin tarin saƙonni. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ta gabatar da kanta ta yadda zai tuna: sunan da ta yi karatu da shi, musamman in ya canza bayan aure, shekarar da ta kare kundinta, da taken binciken. Sannan ta zo kan magana.

"Ranka ya daɗe, akwai wani aiki da nake son nema a Ingila, a kan irin binciken da muka yi. Suna son shaidar wanda ya duba aikina. Shi ne na ce in fara neman izininka kafin in sa sunanka. In kana ganin ka tuna aikin nawa sosai har za ka iya ba da shaida mai ƙarfi, zan yi farin ciki. In kuma lokaci ya ja, ko ayyuka sun yi maka yawa a wannan watan, wallahi ba komai, sai ka ba ni shawarar wanda zan tuntuɓa."

Jimlar ƙarshen nan ita ce mafi tsada a duk maganar. Bahaushe ba ya son cewa a'a ga wanda ya zo ƙofarsa, balle malami ga ɗalibinsa. Idan ba ka buɗe masa hanyar fita cikin mutunci ba, zai ce "to" alhali zuciyarsa ba ta kama ba, kuma sakamakon shi ne takarda marar gishiri, wadda ta fi ƙin rubutawa illa, domin da ya ƙi da ka nemi wani. Don haka a saurari amsar da kunnen basira. Malamin da ya ce "Ke ce wadda firij ya lalace mata da samfura? Turo min takardun yau," ya karɓa. Wanda ya ce "To, ba damuwa, Allah ya kai mu," bai tambayi wane aiki ba ne, bai tambayi yaushe za a rufe ba, wannan bai ƙi ba amma bai ɗauka ba. A yi masa godiya, a nemi wani a ajiye.

Kada a je da kyauta a hannu ranar roƙo. Ko da niyya mai kyau ce, tana sa malam cikin takura, kuma tana gurɓata shaidar da yake shirin bayarwa don Allah.

Abin da za a sa masa a hannu

A nan aikin yake, kuma a nan yawancin masu nema ke gazawa. Malam ya amsa, amma ƙwaƙwalwarsa ba ma'ajiya ba ce. Ya tuna fuska, ya tuna cewa yarinyar tana da ƙoƙari, shi ke nan. Da wannan kaɗai ba zai iya rubuta abin da ya wuce "tana da ƙoƙari" ba. Aikin mai nema ne ya dawo masa da abin da ya gani ya manta.

A ranar da suka yi magana, sai ta tura imel guda ɗaya da ya ƙunshi komai, ba saƙonni bakwai a WhatsApp da za su nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a ba. A ciki akwai tallar aikin cikakkiya, da takardar tarihin karatu da aikinta wadda kowa ke kira sibi, da wasiƙar neman aikin da ta rubuta ko da ba ta gama gyarawa ba, da taƙaitaccen bayanin kundinta. Sai kuma shafi guda, wanda shi ne zuciyar saƙon.

Tallar aiki a jami'o'in Birtaniya takan zo da jerin siffofin wanda ake nema, an raba su gida biyu: `essential`, waɗanda dole a same su, da `desirable`, waɗanda in an samu an ƙaru. Masu tantancewa da wannan jerin suke auna kowa. A ce a namu misalin an nemi wanda ya iya gwajin tasirin magani a kan ƙwayoyin cuta, mai kula da sahihancin sakamako, mai iya aiki ba tare da an tsaya a kansa ba, kuma wanda zai iya koya wa ɗalibai aikin hannu. A shafin nan sai ta ɗauki kowace siffa ta ajiye a gefenta abin da ya faru a gaban Malam, da lokacinsa.

A kan sahihancin sakamako, misali, za ta rubuta masa: "Malam zai tuna a wata na huɗu da fara aikin ɗakin gwaji na lura cewa ƙwayar da muke ajiyewa don auna ingancin gwaji tana ba da sakamakon da ya fita daga iyakar da aka sani. Na bi diddigi na gano faya-fayan maganin da muke ɗorawa sun lalace saboda yawan ɗaukewar wuta. Na kawo maka rahoto, muka zubar da sakamakon mako uku, na sake gwajin samfura 60 da sababbin faya-fayai." A kan koyarwa kuma: "Na riƙe ajin aikin hannu na 'yan shekara ta uku zango biyu, a ƙarƙashin kulawarka."

A duba bambancin da wannan zai yi a takardar Malam. Ba tare da shafin ba zai rubuta cewa ɗalibarsa mai gaskiya ce da riƙon amana. Da shafin zai rubuta cewa ta gano kuskure a sakamakon da ba wanda ya tuhuma, ta kawo da kanta, ta yarda ta yi asarar mako uku don kada ta gina kundi a kan alƙaluman da ba su inganta ba. Jimlar farko kowa ana rubuta masa ita. Ta biyu kuwa shugaban ɗakin bincike a Ingila zai karanta ta sau biyu, domin abin da ke hana shi barci ke nan: ma'aikacin da zai ga gwaji ya karkace ya yi shiru. Har ɗaukewar wutar da muke jin kunyar ambata ta zama hujja, domin ta nuna mutumin da ya fitar da aiki mai tsabta a wurin da kayan aiki ba su taimaka ba.

Sharaɗi ɗaya ne: kada a sa a shafin abin da Malam bai gani ba. Aikin da ta yi a asibiti bayan ta bar jami'a na shugabanta na asibiti ne ya faɗa.

A ƙasan shafin sai ta jera kwanakin wata daidai yadda suke a sibi ɗinta. Wannan ƙaramin abu ne da ke jawo babbar matsala ga waɗanda suka yi karatu a jami'o'in gwamnati a Nijeriya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci wata tara a 2020, ga kullen korona a shekarar, sannan ya sake cin wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Saboda haka sunan zangon karatu da ainihin shekarar kalanda sun rabu. Mai nema zai rubuta cewa ya gama a 2022, Malam ya duba fayil ya ga zangon 2019/2020 ya rubuta 2020, takardar shaidar digiri kuma ta zo da wani kwanan wata dabam. Ma'aikacin ofishin ɗaukar aiki a can bai san ASUU ba. Abin da ya gani shi ne takardu uku da ba su yi daidai ba, sai ya dakatar da komai ya aiko da tambaya. Ya fi kyau a daidaita tun farko, a kuma roƙi Malam ya ƙara jimla ɗaya da ke cewa tsawon karatun ya samo asali ne daga rufe jami'o'i, ba daga ɗalibar ba. Daga bakinsa maganar ta fi nauyi. In kuma akwai wani giɓi na gaske, kamar zangon da aka jingine don rashin lafiya ko haihuwa, a gaya wa Malam yadda ake so a ambace shi ko a bar shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yabon da ke rage daraja

Akwai maganar da ke da wuyar faɗa wa malami, amma dole a nemo hanyar faɗinta. Siffofin da muke yabon ɗalibi da su, mai ladabi, mai biyayya, mai tawali'u, mai tsoron Allah, a wurinmu manyan kalmomi ne, kuma ina ganin girmansu. Amma idan aka juya su zuwa Turanci aka aika wa mai neman ma'aikacin bincike, abin da zai fahimta shi ne mutumin da ke jiran umarni. Shi kuwa yana neman wanda zai yi tunani da kansa, ya ce wa shugabansa "ina ganin akwai kuskure a nan." Takardar da ta cika da yabon hali ba ta taɓa ƙwarewa ba, ana karanta ta a matsayin alamar cewa marubucin bai sami abin yabo a aikin ba.

Mata sun fi cutuwa da wannan. Wasu masu bincike biyu, Frances Trix da Carolyn Psenka, sun nazarci wasiƙun shaida sama da 300 da aka rubuta wa likitocin da aka ɗauka koyarwa a wata makarantar likitanci a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2003. Sun gano cewa wasiƙun mata sun fi gajarta, sun fi jingina ga ƙwazo da haƙurin aiki maimakon hazaƙa da nasarar bincike, kuma sun fi ɗauke da jimlolin da ke jefa shakku. Marubutan wasiƙun ba mugunta suka nufa ba, sabo ne. A namu ɓangaren sabon yakan fito ta wata fuska: malam, don ya nuna jarumtar ɗalibarsa, sai ya rubuta cewa ta gama karatu duk da tana da aure da 'ya'ya uku. Yabo ya nufa. Amma dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana mai ɗaukar aiki yin la'akari da addini, shekaru, jinsi, aure ko juna biyu, don haka irin wannan bayani ba ya da gurbi a takardar, kuma yana iya dasa wa mai karatu tunanin da bai kamata ba.

Ta yaya ɗaliba za ta gaya wa malaminta haka ba tare da ta zama mai koya masa aikinsa ba? Ta ɗora abin a kan masu aikin: "Malam, na ga a bayaninsu sun fi son a tsaya a kan aikin ɗakin gwaji da misalai, ba sa son a ambaci iyali ko addini." Wannan gaskiya ce, kuma ba ta taɓa girman kowa ba.

"Rubuto ki kawo in sa hannu"

Da yawa daga malamai haka za su ce, wasu don aiki ya yi musu yawa, wasu don haka aka yi musu. Ban yarda da wannan hanya ba, kuma ba don tsoron kamu kawai ba. Shaidar da wanda ake shaida a kansa ya rubuta ta daina zama shaida. Kamun ma yana faruwa: salon rubutun ya zo iri ɗaya da na wasiƙar neman aikin, ko wasiƙun malamai biyu su zo da jimloli masu kama da juna, ko a buɗe bayanan fayil a ga sunan mai nema a matsayin wanda ya ƙirƙire shi. Wani lokaci kuma shugaban rukunin binciken yakan kira mai shaida a waya na minti goma, sai a ji Malam bai san abin da ke cikin takardar da ya sa wa hannu ba.

Duk da haka ba za ka ce wa malaminka "ba zan rubuta ba." Mafita ita ce shafin nan da aka riga aka tura. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, na tsara maka abubuwan da suka faru da kwanakinsu don kada ka sha wahalar bincike. Hukuncin kuwa naka ne, ni ba zan iya yabon kaina da bakinka ba." Yawancin malamai in suka ga an ɗauke musu wahalar tunowa, rubutun ba ya cin musu fiye da awa guda. Abin da Malam kaɗai zai iya ƙarawa shi ne kwatanci, wato inda ta tsaya a cikin ɗaliban da ya duba a tsawon shekarunsa, da amsar tambayar da fom ɗin shaida kan yi: shin za ka sake ɗaukar ta aiki in ka samu dama?

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma na san ana yi: mutum ya buɗe sabon adireshin imel da sunan malaminsa ya amsa wa kansa. Wannan zamba ce. In an gano kafin a fara aiki za a janye tayin, in bayan an fara ne za a iya kora, kuma bizar aiki a Birtaniya tana rataye ne da ma'aikatar da ta ɗauki nauyinka.

Adireshi da lokaci

Saboda irin wannan zamba ne ma'aikatu da yawa ba sa karɓar shaida daga adireshin `gmail.com` ko `yahoo.com`. Suna son wanda ya ƙare da sunan jami'a ko asibiti, irin `.edu.ng` a Nijeriya. Matsalar ita ce malamai da yawa suna da adireshin jami'a amma sun yi watanni ba su buɗe shi ba, wasu ma sun manta kalmar sirrin. Saboda haka kafin ta rubuta adireshin a fom, sai ta tura saƙon gwaji zuwa gare shi, ta kira Malam ta tabbatar ya gani ya kuma iya amsawa daga can. In akwatin ya mutu, akwai sauran makonni da zai je sashen kwamfuta na jami'a a farfaɗo masa da shi. In ya yi ritaya ba shi da adireshin jami'a, sai ta rubuta wa ofishin ɗaukar aikin tun da wuri ta faɗi haka, ta tambayi abin da za su karɓa a madadin. In kuma Allah ya yi masa rasuwa, a nemi wanda ya kasance mai dubawa na biyu, ko malamin cikin gida da ya zauna a kare kundin, shi kuma ya faɗi a farkon takardarsa dalilin da ya sa shi ne ke rubutawa.

Lokacin da za a tuntuɓi mai shaida ya bambanta. A guraben koyarwa da bincike sau da yawa ana neman shaida da zarar an fitar da sunayen waɗanda za a yi wa intabiyu. A wasu guraben kuma sai bayan an yi tayin aiki bisa sharaɗi. Fom yakan tambaya ko an yarda a tuntuɓi kowane mai shaida kafin intabiyu. Ga Malam sai ta ce e. Ga shugabanta na asibiti, in bai san tana neman tafiya ba, tana da damar cewa a'a har sai an yi tayi, amma ta tabbata ya ji daga bakinta kafin imel ɗin ya iso masa.

Saƙon neman shaidar yawanci na'ura ce ke aiko shi, da mahaɗin da ake latsawa a cike fom ko a ɗora wasiƙa. Irin wannan saƙo yakan faɗa akwatin `Spam`, wa'adinsa gajere ne, sau da yawa kwanaki kaɗan zuwa mako biyu, kuma mahaɗin yana iya daina aiki bayan wa'adi. Ranar da aka gayyace ta intabiyu, ranar za ta sanar da Malam cewa saƙo na tafe, ta gaya masa sunan jami'ar da zai gani a kai. Bayan kwana uku ta kira ta gaishe shi ta tambaya ko ya iso. Saura kwana biyu wa'adi ta sake tuntuɓa, sau ɗaya. In har lokacin shiru, sai ta rubuta wa ofishin ɗaukar aikin ta nemi ƙarin kwanaki ko ta ba da sunan wanda ta ajiye a madadin, wanda shi ma ta riga ta nemi izininsa ta tura masa takardu tun farko.

Dalilin wannan bibiya ya wuce gudun ɓacin rai. Wanda zai shiga Birtaniya da bizar ƙwararren ma'aikaci sai ma'aikatar ta ba shi lambar shaidar ɗaukar nauyi, wadda ake gani a takardu da sunan `Certificate of Sponsorship`, kuma yana da wata uku daga ranar da aka ba shi ya nemi biza da ita. Ma'aikatu da yawa ba sa fitar da lambar sai sun kammala bincikensu, shaidu na ciki. Imel ɗaya da ke kwance a akwatin Malam yana iya riƙe tayin aiki, da biza, da ranar fara aiki gaba ɗaya. Guraben bincike kuma da kuɗin tallafi mai wa'adi ake biyansu, shugaban rukunin ba zai iya jira har abada ba alhali ga wanda ya zo na biyu a intabiyu.

In ta nemi gurbi fiye da ɗaya, kada ta ɗauka izinin farko ya rufe duka. Ta gaya wa Malam tun farko cewa za ta nemi kamar wurare biyar a cikin wata uku masu zuwa, ta riƙa tura masa tallar kowanne da layi biyu kan abin da ya bambanta shi, don kada wasiƙar da ke ɗauke da sunan wata jami'a ta tafi wata. Duk yadda ta kaya, an ɗauke ta ko ba a ɗauka ba, ta kira shi ta faɗa masa da bakinta. In ba a dace ba ta gaya masa abin da masu intabiyun suka ce ya rage mata, domin da shi zai gyara wasiƙar gurbi na gaba.